"Sista, Ga Ƙanwarki": Yadda Ake Shirya Masu Rainon Sababbin Ma'aikatan Jinya

A asibitoci da yawa, duk horon da ake ba wa wadda za ta raini sabuwar nas bai wuce magana ɗaya ba. Da safe, ana tsakiyar miƙa aiki, sai matiron ta shigo da wata matashiya a bayanta, farin kayanta ko wanki biyu bai sha ba. Ta dubi wadda ta fi daɗewa a ɗakin ta ce, "Sista, ga ƙanwarki, ki riƙe ta." Sista kuwa gadaje takwas ke wuyanta, likita na shirin zagaye, 'yan jinya sun cika baranda kowa da tambayarsa. Za ta amsa da "to", ta ce wa yarinyar ta biyo ta. Kwana uku za su yi suna bin juna, ranar na huɗu jadawalin aiki ya raba su, ɗaya ta koma dutin dare, ɗaya ta tsaya na safe. Daga nan raino ya ƙare, ko da yake a takarda yana nan har wata shida.

Wannan mai raino ita ce a harshen asibiti ake kira firisefta, a nan kuma za mu kira ta jagora. Maza ma suna aikin, amma da yake mata sun fi yawa a fagen jinya, da su za mu yi misali. Jagora ba malamar makaranta ba ce, domin wadda take raino ta gama karatu, ta ci jarrabawar majalisar kula da aikin jinya da ungozoma, sunanta na cikin rajista. Ba kuma shugabar ɗaki ba ce mai rubuta rahoton ladabtarwa. Abokiyar aiki ce da aka ɗora wa nauyin tsallakar da sabuwa daga ilimin aji zuwa aikin gado, cikin wa'adi sananne. Tambayar ita ce: wane shiri ya kamata a yi wa ita jagorar kafin a ce ta riƙe wata, a asibitin da ba a samun ko lokacin zama?

Iya aiki daban, iya koyarwa daban

A shekarar 1984, wata malamar jinya a Amurka mai suna Patricia Benner ta bayyana matakai biyar da nas ke bi daga farin shiga zuwa gwanancewa. Abin da ya shafe mu a cikin bayaninta shi ne bambancin yadda sabuwa da gwana suke kallon majiyyaci. Sabuwa tana bin ƙa'ida ɗaya bayan ɗaya: ta auna zafin jiki, ta ƙirga bugun jijiya, ta auna jini, ta rubuta. Gwana kuwa daga bakin ƙofa za ta hango mutum ta ce, "Wannan bai yi mini ba," kuma galibi gaskiyarta ce. Amma idan aka tambaye ta abin da ta gani, sai ta rasa ta inda za ta fara, domin sanin ya riga ya narke a jikinta. Benner ta nuna cewa kaiwa matakin tsakiya kawai, inda nas ke iya tsara aikinta da kanta, yakan ɗauki shekara biyu zuwa uku a irin ɗaki guda.

Ke nan aikin farko na kowane shirin horo shi ne koya wa gwana ta fito da tunaninta fili, ta riƙa faɗar abin da take gani da dalilin abin da take yi. Idan ba a yi haka ba, sabuwa za ta kwaikwayi hannunta, ta bar tunaninta.

Abu na biyu da jagora ke buƙatar sani shi ne halin da sabuwa take ciki. Tun 1974 Marlene Kramer ta yi rubutu a kan gigitar da ke kama sababbin nas idan suka tarar aikin gaske bai yi kama da abin da aka koya musu ba. Daga baya Judy Duchscher a Kanada ta bi diddigin shekarar farko ta raba ta uku. A wata uku zuwa huɗu na farko, hankalin sabuwa duk yana kan ta gama aiki kada a ga gazawarta. A watannin da ke biye, ta fara iya aikin, amma gajiya da kokwanto sun taru mata. Sai a ƙarshen shekara take samun natsuwa. Amfanin wannan ga mai tsara shiri a bayyane yake: lokacin da ake ganin yarinya ta iya, aka janye hannu, sau da yawa shi ne lokacin da take tunanin barin aikin.

Wa za a zaɓa?

Kuskuren da aka fi yi shi ne zaɓe da shekarun aiki kawai. Wadda ta shekara ashirin tana da ilimi, amma yawanci ita ce mai riƙe da makullin magani, mai zuwa taro, mai amsa kiran ofis. Ga shi kuma ta manta yadda rashin sani yake. Wadda ta shekara uku zuwa biyar a ɗakin takan fi dacewa, domin hannunta ya faɗa, kuma har yanzu tana tuna daren da ta fara kwana da majiyyata talatin. Tsarin da hukumar lafiya ta Ingila ta fitar a 2022 ya sa ƙaramin sharaɗi na wata 12 bayan rajista, ya kuma ce kada jagora ɗaya ta riƙe fiye da mutum biyu. A ɗakin da aiki ya yi yawa, mutum ɗaya ma ya ishe ta.

Bayan shekaru, a duba abu uku. Na farko, tana so? Wadda aka tilasta wa raino za ta mai da ƙanwar 'yar aike, daga ɗauko fayil sai kai jini ɗakin gwaji. Na biyu, aikinta mai tsabta ne? Duk gajeriyar hanyar da take bi, kamar cika takardar awo ba tare da ta auna ba, ita za ta gadar. Na uku, za ta kasance a wurin? A buɗe littafin hutu a gani. Wadda za ta tafi hutun shekara ko na haihuwa ko ƙarin karatu nan da mako huɗu ba ta dace da wannan zagayen ba. Sannan kowace sabuwa a sanya mata mataimakiyar jagora da suna, saboda ranar rashin lafiya ko rasuwa ko biki.

Jadawali kafin darasi

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin a rubuta ko layi ɗaya na darasi, mai tsara shiri ya zauna da mai rubuta jadawalin aiki, domin a nan shirin yake rayuwa ko ya mutu. Bari mu ɗauki misali: ɗakin tiyata na maza mai gado 30, nas huɗu a dutin safe, uku da yamma, biyu da dare, aka turo sababbi huɗu a lokaci guda.

Da safe kowace nas tana da gado bakwai ko takwas. Idan ana so jagora ta koyar, dole a rage mata. A ba ta gado 6, sauran ukun kowace ta ɗauki 8, lissafi ya cika 30. Wannan yana yiwuwa ne idan jagora ɗaya ce tak a dutin. Idan aka zuba sababbin huɗu duka da safe, kowace nas ta zama jagora, babu wanda zai ɗauki ragowar gadajen. Mafita ita ce a raba su: biyu su fara yanzu, ɗaya da safe ɗaya da yamma, sauran biyun su yi mako biyu suna zagayen sanin asibiti, wato ɗakin magani, ɗakin gwaji, ma'ajiyar jini da ɗakin tiyata, sannan su shigo.

A mako biyu na farko ba a lissafa sabuwa cikin ma'aikatan duti. Idan ɗaki na buƙatar nas huɗu, ita ce ta biyar. Tsarin Ingila da muka ambata ya sa wannan a matsayin mafi ƙaranci, mako biyu ko awa 75. Daga mako na 3 zuwa na 6, sai a ba ta majiyyata uku ko huɗu waɗanda jikinsu ya daidaita, kuma cikin duti biyar na mako, aƙalla uku su haɗa ta da jagorarta. Daga mako na 7 zuwa na 12 ana ƙara mata gado sannu a hankali, ta yi dutin dare na farko tare da jagora, ba a matsayin ɗaya daga cikin biyun da ke riƙe da ɗaki ba. Ranakun zama na musamman, a mako na 1, na 6 da na 12, sannan wata na 6 da na 12, a rubuta su cikin jadawali kamar yadda ake rubuta duti. Zaman da aka bar wa "idan an samu sarari" ba a yin sa, domin a asibiti ba a samun sarari.

Horon jagororin ma lissafi ne. Jagora huɗu da mataimaka biyu, kwana biyu kowace, duti 12 ke nan da ɗakin zai rasa. A raba su rukuni biyu, uku a wannan mako, uku a mako mai zuwa, a haɗa su da na sauran ɗakuna a samu aji na mutum goma sha biyu. Kada a sa horon a ranar hutun mutum, kada kuma a sa shi da safe ga wadda ta sauka daga dutin dare.

Kwana biyu, abu huɗu

Jarabar mai tsara horo ita ce ya cika kwana biyun da lacca, a gayyato manya su yi jawabi, a raba takardar shaida. Abin da jagora za ta yi amfani da shi ranar Litinin bai wuce huɗu ba: sanin iyakar aikinta, koyar da aikin hannu, yin tambayar da ke fito da tunani, da gyara kuskure. Kowanne a ba shi rabin yini, kuma fiye da rabin lokacin ya tafi a gwaji, ba a sauraro ba.

Safiyar farko ta iyaka ce. Sabuwa tana da lasisi, saboda haka ita ke da alhakin abin da hannunta ya aikata. Jagora kuma tana da alhakin abin da ta miƙa mata da irin sa idon da ta yi. Makaminta shi ne takardar ƙwarewa, jerin ayyukan ɗakin, kowanne da gurbi uku: ta gani, ta yi a gabana, za ta iya ita kaɗai. A taƙaita jerin ga ayyuka ashirin zuwa talatin da ake yi kullum a wannan ɗakin, domin takarda mai shafi goma ba a cika ta da gaskiya. A saman takardar a ware ayyukan da sabuwa ba za ta taɓa yi ita kaɗai ba sai an sa mata hannu: ƙarin jini, allurar insulin, magungunan da ake kullewa irin su mofin da fetidin, lissafin maganin yara, da sinadarin fotashiyam, wanda ba a taɓa tura shi kai tsaye cikin jijiya, sai an gauraya shi cikin ruwa ya sauka a hankali, domin yana iya tsayar da zuciya nan take.

Da yamma sai koyar da aikin hannu. Hanyar da likitan tiyata Rodney Peyton ya bayyana a 1998 tana da sauƙin riƙewa. Jagora ta yi aikin yadda ta saba, ba magana. Ta sake yi a hankali tana bayanin kowane mataki. A karo na uku, sabuwa ce ke faɗar mataki, jagora na aikatawa. A na huɗu sabuwa ta faɗa kuma ta yi. Mataki na uku shi ne wanda ake tsallakewa, alhali shi ne mai daraja, domin a nan ake kama kuskure tun yana baki, bai kai ga jikin majiyyaci ba.

A gwada da saita ƙarin ruwa, tunda ɗakuna da yawa ba su da na'urar da ke ƙirga shi. Likita ya rubuta lita ɗaya, wato mililita 1,000, cikin awa 8. Robar da ake amfani da ita ga manya galibi tana ba da ɗigo 20 a kowace mililita, kuma adadin a rubuce yake a jikin ledarta. A ninka 1,000 da 20, a samu 20,000. A raba da mintocin awa 8, wato 480, a samu kusan ɗigo 42 a minti. Gwana ba ta wannan lissafi a fili, idonta ya san saurin. Aikin horon shi ne a sa ta faɗe shi, ta kuma tuna ta ce wa ƙanwar ta karanta ledar, domin ta yara mai ɗigo 60 ce, wadda ta ɗauki wannan a matsayin waccan za ta yi kuskure ninki uku. Kuma ta koya mata ta dawo bayan awa ɗaya ta duba ko kusan mililita 125 ta sauka, domin majiyyaci na lanƙwasa hannu, wani lokaci ɗan jinya ya murɗa maƙullin don ruwan ya ƙare da wuri.

Tambayar da ta fi "kin gane?"

A tarbiyyarmu, ƙarami ba ya yawan tambayar babba, kuma idan babba ya ce "kin gane?" amsar ladabi ita ce "na gane". Wannan kunyar abin yabo ce a gida, amma a gefen gado tana iya cin rai. Saboda haka safiya ta biyu a koya wa jagorori su ajiye wannan tambayar gaba ɗaya. A madadinta akwai wata hanya da wasu likitocin iyali a Amurka suka wallafa a 1992, wadda ba ta cin fiye da 'yan mintoci: a sa mai koyo ya faɗi ra'ayinsa, a tambayi hujjarsa, a ba shi ƙa'ida ɗaya, a faɗi abin da ya yi daidai, a gyara abin da ya kauce.

Ga yadda za a shirya misalin a aji. Matashi ɗan shekara 25, an yi masa aiki a ciki da safe. Da ƙarfe 2 bugun jijiyarsa 88, awon jininsa 120 bisa 80. Da ƙarfe 3 bugun ya kai 104, awon jini 115 bisa 75. Da ƙarfe 4 bugun 118, awon jini 105 bisa 70, yana ta juyi yana neman ruwa. Sabuwa ta auna duka, ta rubuta su da kyau, ba ta gaya wa kowa ba, domin a ganinta awon jinin bai faɗi ba.

Jagorar da ba a horar ba, ɗayan biyu za ta yi: ko ta ture yarinyar ta karɓi aikin, ko ta yi mata tsawa a gaban jama'a. Wadda aka horar za ta nufi gadon tare da ita, hannunta a kan jijiyar majiyyacin, tana cewa, "Ƙanwata, me kike ganin yana damunsa?"

"Wataƙila zafin ciwo ne, Sista."

"Zai iya zama. Me kika gani da ya sa kika ce haka? Taɓa tafin hannunsa. Duba jakar fitsari, nawa ya taru tun ƙarfe biyu?"

Hannun da sanyi da gumi, fitsarin bai kai mililita 40 ba cikin awa biyu, alhali ana sa ran aƙalla kusan 30 a kowace awa. A nan jagora za ta ba da ƙa'ida ɗaya tak: bayan tiyata, bugun da ke ta hawa a ɗauke shi zubar jini ne har sai an tabbatar ba shi ba ne, kuma a jikin matashi awon jini yakan daɗe bai faɗi ba, saboda haka ba a jiran sa. Lamba ɗaya ba ta magana, jerin lambobi ne ke magana. Ta yaba mata cewa awon da ta yi a kan kari shi ya sa aka ga hawan. Sannan ta miƙa mata waya ta kira likita da kanta.

Kiran likita ma abin koyo ne. Akwai tsari mai gaɓa huɗu da ake kira SBAR, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar amfani da irinsa wajen miƙa bayani: abin da ke faruwa, tarihin majiyyaci, abin da nake gani, abin da nake so a yi. Maimakon "Likita, mai gado na bakwai ba ya jin daɗi," sai ta ce, "Likita, mai gado na bakwai, wanda aka yi wa aiki a ciki yau da safe, bugunsa ya tashi daga 88 zuwa 118 cikin awa biyu, awon jini ya sauka zuwa 105 bisa 70, jikinsa sanyi, fitsari kaɗan. Ina zargin jini na zuba a ciki. Ina so ka zo yanzu." A kuma ja kunnen jagorori a kan iyakar wannan hanya: idan majiyyaci ya suma ko numfashinsa na sarƙewa, babu tambaya, a ceci rai tukuna, darasi ya biyo baya.

Gyara ba tozarci ba

Yammacin rana ta biyu shi ne mafi wuya, domin a nan jagororin za su yi gwaji a gaban juna, kuma wanzami ba ya son jarfa. A raba su uku uku: ɗaya jagora, ɗaya sabuwa, ɗaya mai kallo. Minti biyar ana wasan, minti biyar ana tattaunawa, sai a sauya. A ba su yanayi na gaske: wadda ta zo da latti sau uku, wadda ta sa hannu a kan maganin da ba ta bayar ba, wadda ta fashe da kuka bayan rasuwar majiyyaci, da namijin da yake ganin bai kamata mace sa'arsa ta gyara masa ba.

Ƙa'idojin kaɗan ne. A yi gyara a ranar, kafin a tashi daga duti. A yi shi a keɓe, domin nas ɗin da aka kunyata a gaban 'yan jinya ta rasa amincewarsu, kuma daga ranar ɓoye kuskure za ta koya. A faɗi abin da ido ya gani, ba hali ba. "Ba ki da natsuwa" ba ta gyara komai. "Yau da kika je gado na huɗu ba ki tambayi sunansa kin gwada da fayil ba kafin ki ba shi allura, kuma masu suna iri ɗaya biyu ne a ɗakin nan" magana ce da za a iya aiki da ita gobe. Don lokacin da kuskure ke shirin faruwa a gaban majiyyaci, su biyun su yi yarjejeniya tun ranar farko a kan wata magana, misali "Ƙanwata, zo mu duba wani abu." Da jin ta, hannu ya tsaya, ba tare da kowa ya tsargu ba.

Dole kuma shirin ya faɗa wa jagora abin da za ta yi idan ƙanwar ba ta ci gaba. Tausayi yakan sa a sa hannu a takarda, a ce za ta koya a gaba, ko a ce kada a zama sanadin abincin wani. Amma sa hannu shaida ce, kuma majiyyacin gobe ne zai biya idan ta ƙarya ce. Alamun da za a lura da su sun haɗa da maimaita kuskure ɗaya bayan gyara biyu, gudun wani aiki da dabara, da rashin tambaya sam. Wadda ba ta taɓa tambaya ba ta fi mai yawan tambaya abin tsoro. Matakin shi ne a rubuta abu biyu ko uku da ake so su gyaru, a sa wa'adin mako biyu, a sanar da shugabar ɗaki tun a lokacin, ba a mako na 12 ba. Hukunci na shugaba ne. Idan aka ɗora shi a kan jagora, ƙanwar ba za ta ƙara gaya mata gaskiya ba.

Yadda ake gane shirin yana da rai

Takardar da mahalarta ke cikewa a ƙarshen horo, kowa na cewa ya ji daɗi, ba ta nuna komai. Awo na gaskiya yana cikin jadawali. A ƙarshen wata a ɗauko shi a ƙirga: cikin duti 20 da sabuwa ta yi, nawa ne tare da jagorarta ko mataimakiya? Idan bai kai 12 ba, sunan raino kawai ake yi. A duba takardar ƙwarewa. Idan gurabe talatin duk an sa musu hannu rana ɗaya da biro ɗaya, ba a kalli aikin ba. A tambayi sabuwa ita kaɗai, ta bakin wadda ba shugabarta ba: yaushe aka yi miki gyara na ƙarshe, kuma a kan me? Idan rahoton ƙananan kurakurai ya ƙaru a watannin farko, kada a firgita, sau da yawa alama ce ta cewa an daina ɓoyewa. A ƙarshen shekara kuma a ƙirga nawa ne suke nan.

Su ma jagororin ba a sallamar su da takardar shaida a manta da su. Awa ɗaya a wata su haɗu su baje matsalolinsu, wannan ya fi ƙarin lacca amfani. A rubuta wasiƙa a sa a fayil ɗin kowace, yadda za a gani lokacin ƙarin girma. Wadda ta gama rainon mutum ɗaya a bar ta ta huta kafin a ba ta wata, domin idan kullum ita ce, ranar da za ta gaji ita da ƙanwar za a rasa.

Shirin yana da iyaka. Ba ya haifar da ma'aikata inda babu su, ba ya ƙara albashi, ba ya hana gwanaye tafiya Ingila ko Saudiyya. A ɗakin da nas ɗaya ke kwana da gado talatin, babu horon da zai samar da lokacin koyarwa. Amma wannan ƙarancin shi ne babban dalilin yin sa, domin yau sabuwar nas tana zama babba a duti cikin 'yan watanni, ko an shirya ta ko ba a shirya ta ba.

Ga shugabannin jinya, kiran shi ne kafin ku ce "ga ƙanwarki", ku buɗe jadawali ku nuna wa Sista gadajen da aka rage mata da ranakun da aka haɗa su. Ga mai karatu kuma, ranar da ka je jinyar naka ka ga nas biyu a gefen gado, ɗaya na tambaya ɗaya na amsawa, kada ka ce ana koyon aiki a kan ɗan'uwanka. Idanu huɗu ne a kansa, kuma wadda ake koya wa yau ita za ka tarar ita kaɗai a dutin dare baɗi.